Darasi: Lissafin Kuɗin Haihuwa a Asibiti

Kuɗin haihuwa ba a rana ɗaya ake kashe shi ba. Yana fara fita tun ranar da aka yanki katin awo, kuma ba ya tsayawa sai jariri ya yi sati shida. Don haka a samu littafin rubutu a ware masa shafi huɗu: na awo, na ranar haihuwa, na kayan jariri, sai na ko-ta-kwana. A kowane shafi a ja layi uku daga sama zuwa ƙasa, a rubuta sunan abu, da yawansa, da farashin guda ɗaya. Yawan abu mu za mu lissafa a nan. Farashi kuwa, a je a tambayo a asibitin da za a haihu, domin kowane asibiti da nasa, kuma yana sauyawa.

Shafin awo

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8: na farko kafin ciki ya wuce sati 12, sannan a sati na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Idan aka dubi waɗannan lambobi za a ga zuwan yana ƙara matsowa kusa da juna a ƙarshe, wato kuɗin mota yana yawaita daidai lokacin da ake haɗa kuɗin haihuwa.

Mu ɗauki misalin matar da ta fara awo a sati na 12. Zuwa 8 ne, amma hawa mota 16, tunda akwai dawowa. In da mai raka ta, ya zama 32. Nan ne mutane suka fi yin kuskure, sai su rubuta kuɗin kati su manta da hanya. Ƙwayar ƙarin jini kullum ake sha, kuma daga sati na 12 zuwa na 40 sati 28 ne. A ninka 28 sau 7, ya ba da kwana 196. In ana ba da maganin na wata-wata, za a saya sau 7.

Zuwan farko ya fi kowanne cin kuɗi saboda gwaje-gwaje: yawan jini, rukunin jini, fitsari, cutar ƙanjamau, tunjere da ciwon hanta. Ana son hoton ciki ɗaya kafin sati 24, amma a rubuta biyu, don sau da yawa likita kan nemi wani kusa da ƙarshe ya ga kwanciyar ɗa. Matar da ba a taɓa yi wa allurar tetanus ba za ta karɓi biyu, da tazarar sati huɗu. Inda maleriya ta yi yawa, ana ba da maganin rigakafinta wata-wata bayan wata ukun farko, aƙalla sau 3. Wasu daga cikin waɗannan kyauta ne a asibitoci da dama. Duk da haka a rubuta su a sa sifili, saboda ran da aka ce babu a ɗakin magani, waje za a je a saya.

Sakamakon rukunin jini yana iya sauya lissafi gaba ɗaya. Idan aka ce jinin uwa negetif ne, jariri kuma ya zo da fozitif, uwar tana bukatar wata allura ta musamman cikin awa 72 bayan haihuwa, don kare cikin da za ta yi nan gaba. Allurar tana da tsada, kuma ba ko'ina ake ajiye ta ba. A tambayi farashinta tun ranar da sakamako ya fito.

Shafin ranar haihuwa

Kada a tsaya a tambayar “nawa ne kuɗin haihuwa?” Amsar da za a bayar yawanci ta karɓar haihuwa ce kawai. A bi ta da wata tambayar: me da me ke ciki? Shin da kuɗin gado, kuma na kwana nawa? Da allurar hana zubar jini, da ledar ƙarin ruwa, da ɗinki in an ƙaru? Akwai kuɗin da sai an ajiye kafin a ba da gado? A ofishin biyan kuɗi za a samu amsar, ba wajen maƙwabciyar da ta haihu bara ba.

Ungozoma kan ba da takardar kayan da za a zo da su, kamar safar hannu, auduga, ledar shimfiɗa, sabulu, maganin kashe ƙwayoyin cuta, abin matse cibiya da audugar mata. A karɓi takardar tun a wata na shida, a riƙa sayen kayan ɗaya-ɗaya. Wanda ya bari sai daren naƙuda ba shi da damar neman sauƙi. Ko an haihu lafiya, ana son uwa da ɗa su yi awa 24 a asibiti, don haka a sa abincin mai jego da na mai jinya, da motar da za ta ɗauko su ko da tsakar dare ne.

Shafin jariri

Jariri sabon haihuwa kan ɓata kunzugu 8 zuwa 12 a rana. In aka ɗauki 10, wata guda ya ci 300. Mai amfani da na wanki zai rage wannan, amma ya rubuta sabulu da ruwa. Sai riguna kaɗan, hula, safa, tawul, abin rufa da maganin cibiya da asibiti ya rubuta. Kada a jibge ƙananan riguna, cikin 'yan makonni za su matse shi. Madarar gwangwani ba ta shiga lissafi sai likita ya ce, domin nonon uwa zalla ya wadatar har wata shida. A ƙara kuɗin mota na komawa asibiti sau 3: a kwana na 3, sannan tsakanin kwana 7 da 14, sai a sati na 6.

Shafin ko-ta-kwana

Wannan shafin shi ne mafi nauyi, kuma shi aka fi bari babu komai. Naƙuda kan yi tsawo, ɗa kan zo a gicciye, hawan jini kan kai ga jijjiga, sai a ce za a yi aiki. Aiki kan ninka kuɗin haihuwa sau da dama, domin yana jawo kuɗin ɗakin tiyata, da allurar kashe zafi, da magunguna, da kwana 3 zuwa 4 a gado. A tambayi farashinsa yanzu, ko da awo yana nuna komai lafiya. A tambayi kuɗin ledar jini ɗaya tare da gwajinta, a kuma shirya mutum biyu da za su iya ba da jini. A san kuɗin kwana ɗaya a ɗakin jarirai, saboda bakwaini ko shawara. In asibitin ba ya yin tiyata, a rubuta kuɗin mota zuwa inda zai tura ku. Masu inshorar lafiya su nemi a nuna musu a rubuce abin da ba ta biya.

Rabawa a kan makonni

Kuɗin awo ana biyansa ne a hankali. Sauran shafuka uku kuwa, a haɗa su, a ƙara kashi 10 cikin 100 saboda tashin farashi. Ba sati na 40 za a sa a gaba ba, domin daga sati na 37 haihuwa na iya zuwa kowace rana. Kuɗin ya cika a sati na 36.

Matar misalinmu tana da sati 24 daga 12 zuwa 36, don haka gidanta zai raba jimillar gida 24, ya riƙa ajiye kaso ɗaya duk sati. Da a sati na 28 suka fara, sati 8 ne kawai ya rage, kason kowane sati ya ninka sau 3. A ajiye kuɗin inda uwargida da maigida duka za su iya kaiwa gare shi da dare, kuma a adana kowane rasit a cikin littafin.

Aikin gida

1. Mace ta fara awo a sati na 20. Kwana nawa za ta sha ƙwayar ƙarin jini kafin sati na 40?
2. Gida nawa za ta raba jimillarta don kuɗin ya cika a sati na 36?
3. Ku je asibitin da ya fi kusa da ku, ku cike layin farashi na shafi na biyu da na huɗu, ku zo da shi aji.