Kurakuran da aka fi yi wajen koyon aikatau mai rakiya a Turanci, da yadda ake gyara su

A Turanci akwai aikatau da ba ya tafiya shi kaɗai, sai da wata ƙaramar kalma a bayansa, irin su up, off, on, out da after. Idan suka haɗu, sau da yawa ma'anar takan sauya gaba ɗaya: give bayarwa ne, amma give up sarewa ce. Littattafan nahawu suna kiran wannan haɗi phrasal verbs, a nan kuwa zan riƙa cewa aikatau mai rakiya. Abin da ke kayar da ɗalibai ba ma'anar ba ce kawai. Inda za a ajiye abin da aikin ya faɗa wa, wato karɓau, shi ne babbar matsala.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce "Turn off it" ko "I will pick up you". Waɗannan aikatau biyu suna cikin masu rabuwa, ma'ana karɓau yana iya shiga tsakanin aikatau da ɗan rakiyarsa. Idan karɓau suna ne, kana da zaɓi: "Turn off the light" da "Turn the light off" duk daidai ne. Amma da zarar ya koma wakilin suna, wato it, them, me, you, him, her ko us, zaɓi ya ƙare, dole ya shiga tsakiya. "Turn it off." "I will pick you up." Dalilin yana da sauƙin fahimta. Turanci yana son ajiye sabon bayani mai nauyi a ƙarshen jimla, wakilin suna kuwa abu ne da mai sauraro ya riga ya sani, don haka ba ya samun wannan gurbi. Wannan dalilin ne kuma ya sa karɓau mai tsawo yake komawa ƙarshe. "Turn off the light in the room where the children sleep" ya fi daɗin ji fiye da a jefa off can bayan kalmomi tara, inda mai sauraro ya riga ya manta da turn.

Ɗalibin da ya kama wannan doka yakan faɗa rami na biyu, ya shiga raba komai. Sai ka ji "I looked the baby after" ko "She ran him into". Look after, run into, come across, look for da get over ba sa rabuwa, ko da suna ko da wakilin suna: "I looked after him", "She came across it". A cikinsu ƙaramar kalmar tana riƙe da sunan da ke binta ne, kamar yadda in take riƙe da house a cikin "in the house", shi ya sa ba a shiga tsakaninsu. Masu kalma uku irin su put up with, run out of da look forward to ma haka suke. A na ƙarshen sai a kula, domin abin da ke bin to ɗin nan suna ne ko aikatau mai -ing: "I look forward to seeing you", ba "to see you" ba.

Daga ganin kalma ba za ka gane ko tana rabuwa ba, kuma malamin da ya ba ɗalibai wata dabara da ya ce tana aiki ko'ina ya yaudare su. Haɗi ɗaya yana iya zama a ɓangarorin biyu gwargwadon ma'anarsa. "She saw through him" na nufin ta gano yaudararsa, ba ya rabuwa. "She saw it through" na nufin ta kai aikin ƙarshe, kuma a rabe yake. Take off na cire tufafi yana rabuwa, amma na tashin jirgi ba shi da karɓau ko kaɗan, don haka batun rabuwa bai ma taso ba. Mafita ita ce ƙamus na masu koyo. Na Oxford da na Longman suna sa kibiya mai kai biyu, ↔, a kan masu rabuwa. Inda babu kibiya, a duba gurbin sth ko sb, wato gajartar something da somebody: a tsakiya ko a ƙarshe. Ni shawarata ita ce kada ɗalibi ya taɓa rubuta turn off tsirara a littafinsa. Ya rubuta "turn it off" da "look after him", ya haddace su haka da wakilin sunansu, sai kunne ya riƙe dokar ba tare da ya tsaya tunani ba.

Kuskure na uku na malamai ne, kuma shi ya fi damuna. A cika allo da get up, get on, get off, get over, get by, get through, get along, a ce gobe za a yi gwaji. Jerin yana da kyan gani, amma babu abin da ya haɗa kalmomin sai kamannin fuska, ma'anoninsu kuwa kowa da inda ya nufa. Bayan mako guda ɗalibi ya tuna akwai get, ya manta wace rakiya ce ta wace ma'ana. Binciken Thomas Tinkham na 1997 kan koyon kalmomi ya nuna cewa kalmomi 'yan gida ɗaya a ma'ana da aka jera tare suna rikita mai koyo, yayin da waɗanda jigo ɗaya ya haɗa suke sauƙin kamawa. Haka nan ba a buƙatar dubbai. Dee Gardner da Mark Davies sun ƙirga a 2007 cikin babban rumbun rubutun Turancin Birtaniya, suka tarar guda 100 kacal sun ɗauki fiye da rabin duk wuraren da irin wannan aikatau ya fito.

Ga yadda darasi ɗaya zai kasance a kan jigon kiran waya. A zaɓi shida zuwa takwas, a saka su cikin labari mai tafiya a jere. Waya ta yi ƙara, "Pick it up." Ana neman wani, "Hold on." Sakatare zai haɗa ka da shi, "I will put you through." Layi ya yanke, "We were cut off." Ka sake gwadawa ba ka same shi ba, "I can't get through to her." Sai ka bar saƙo, "Call me back", ka ajiye waya, "Hang up." Ɗalibai su fara jin labarin, su gane ma'anoni daga abin da ke faruwa. Bayan nan ne za su kasa kalmomin da kansu gida uku: masu rabuwa, wato pick up, put through, cut off da call back, wanda ba ya rabuwa, get through to, da waɗanda a nan ba su da karɓau, hold on da hang up. Daga nan sai atisayen da ya fi kowanne amfani, malami ya faɗi jimla da suna, ɗalibi ya mayar da ita da wakilin suna nan take. "Call back the manager." "Call him back." "I got through to the manager." "I got through to him." Wanda ya ce "call back him" ka san ma'ana ya riƙe ba tsari ba, sai a maimaita masa da baki, ba a ƙara masa bayanin nahawu ba. A ƙarshe su yi wasan kiran waya biyu-biyu, a kuma dawo da kalmomin bayan kwana biyu, sannan bayan mako guda.

Tsarin jigo ma yana da inda yake tuntuɓe. Idan ka tara masu kusan ma'ana ɗaya ko kama ɗaya a darasi guda, kamar call off da put off, sokewa da ɗagewa, ka dawo da rikicin da kake gudu. A koyar da ɗaya har ya zauna, a kawo na biyun a wani mako, sannan a gwama su. Kuma a nuna wa ɗalibai cewa ma'ana ɗaya aka koya a yau: pick up na ɗaga waya zai sake bayyana a jigon tafiya da ma'anar ɗaukar mutum a mota, kuma a can sai a rubuta shi a matsayin sabon shigowa, da jimlarsa da wakilin sunansa.