Kurakuran da ke rusa rahoton likita a shari'ar haɗarin mota

Alƙalin da zai karanta rahotonka bai ga majinyacin ranar da aka kawo shi jina-jina ba. Kafin shari'a ta zo gabansa, wataƙila an yi wata takwas ko shekara, ɗinki ya warke, kumburi ya sace, kai kanka likitan ka ga ɗaruruwan mutane a bayansa. Abin da ya rage shi ne takardar. Na karanta rahotanni da dama irin waɗannan, na kuma tsaya a kotu an yi mini tambayoyi a kan nawa, kuma mafi yawan ɓarnar da na gani daga wuri ɗaya take fitowa: likita ya cakuɗa abin da aka faɗa masa da abin da ya gani da idonsa da kuma abin da yake zato.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi. Magidanci ne ɗan shekara 34, an kawo shi sashen gaggawa da ƙarfe 7:40 na dare. Rahoton farko da aka rubuta masa bai wuce layi uku ba: "Mota ta buge shi saboda gudun ganganci. Ya ji munanan raunuka a kai da ƙafa. An yi masa magani." An sa hannu, an buga hatimi. Babu jimla ɗaya a nan da za ta tsira a hannun lauya.

Jimlar farko ita ce ta fi haɗari. Likitan ba ya wurin da abin ya faru, bai ga motar ba, bai san gudunta ba. Da ya rubuta "gudun ganganci", ya bar kujerarsa ya hau ta alƙali. Lauyan direba tambaya ɗaya zai yi masa: "Likita, kana bakin titin?" Da zarar ya ce a'a, sai a fara shakkar sauran abin da ya rubuta, har da wanda yake daidai. Gyaran mai sauƙi ne, a jingina labari ga mai shi: "Majinyacin ya ce yana tsallaka titi da misalin ƙarfe 7 na dare wata ƙaramar mota ta buge shi ta gefensa na dama, ya faɗi da goshi." In ba shi da kansa ya ba da labarin ba, a faɗi wanda ya bayar, ɗan'uwansa ne ko ɗan sandan da ya kawo shi. Haka ma maganar suma. "Ya suma" dabam take da "ƙaninsa ya ce ya suma na kusan minti biyar".

Sai "munanan raunuka". Wannan kalma ba ta auna komai. Kowane rauni yana buƙatar a faɗi irinsa, da girmansa, da inda yake, da zurfinsa, kuma a ba shi lamba tasa. Ga yadda ya kamata na goshin mutuminmu ya fito: "Rauni na 1: fashewar fata a goshi ɓangaren dama, tsawonta santimita 4, faɗinta rabin santimita, tana santimita 2 sama da gira, a kwance. Bakinta ba daidai yake ba, kewayenta a kuje, akwai yashi a ciki. Ta kai ga ƙashi, ana ganinsa, amma ba a ji tsaga ko lotsawa ba." Wanda bai taɓa ganin mutumin ba zai iya ɗora yatsa a goshinsa ya nuna wurin. A auna da abin awo, kada a ce "kamar girman ƙwai" ko "ɗan ƙarami". Kuma a auna kafin a ɗinke, don bayan an gyara bakin rauni an ja shi da zare, siffarsa ta farko ta tafi ke nan.

Ina so in daɗe kaɗan a kan irin rauni, don nan ne ƙananan likitoci suka fi tuntuɓe. Kujewa ita ce saman fata ya sale, kamar wanda kwalta ta goga. Taruwar jini ita ce jijiyoyi ƙanana su fashe a ƙarƙashin fata ba tare da ta buɗe ba. Fashewa ita ce fata ta tsage saboda abu marar kaifi ya doke ta da ƙarfi: bakinta a yayyage, gefenta a kuje, in ka duba ciki za ka ga 'yan zaruruwan nama sun haɗa ɓangarorin biyu. Yanka kuwa aikin abu mai kaifi ne, gilashi ko gefen ƙarfe, bakinsa sumul, babu waɗannan zaruruwa. Da yake da Turanci ake rubuta rahoto a Najeriya, an saba a ɗauki kalmar fashewa a liƙa wa duk rauni mai buɗe. A goshi da fatar kai abin ya fi rikitarwa, domin ƙashi yana kusa, fashewa kan fito a miƙe kamar an yanka. In ka kira ta yanka, ka buɗe wa lauya ƙofa ya ce ai wannan sara ne da aka yi masa a wani faɗa, ba motar wanda yake karewa ba ce. In ba ka tabbatar ba, ka siffanta bakin raunin yadda ka gan shi, siffar za ta yi magana da kanta.

Zurfin ma ba ado ba ne. In maganar ta je kotun shari'ar Musulunci, raunin kai ko fuska da ya bayyanar da ƙashi yana da sunansa a fiƙihu, mudiha, kuma an ƙayyade masa kashi ɗaya cikin ashirin na cikakkiyar diyya, alhali wanda bai kai ƙashi ba ba shi da wannan ƙayyadadden rabo. Likitan da ya manta ya rubuta "ta kai ga ƙashi" ya iya tauye wa mutum haƙƙinsa bai sani ba.

Ƙafar kuma, rahoton farko bai ma ce wacce ba. Dama da hagu na majinyaci ake nufi kullum, ba na likitan da ke tsaye yana fuskantarsa ba, kuma na ga inda kati ya ce dama, rahoto ya ce hagu, aka ɗage zama saboda wannan kaɗai. Kafin ka sa hannu, ka gwada rahoton da katin ranar farko da alamar da ke jikin hoton ƙashi. Ga na mutuminmu: "Rauni na 2: kumburi da karkacewa a ƙwaurin dama, da taruwar jini mai faɗin santimita 6 da 3 a gefen waje, tsakiyarta santimita 38 sama da diddige. Fata ba ta buɗe ba. Bugun jini a ƙafar yana nan, yana ji, yana motsa yatsu. Hoton ƙashi da aka ɗauka a daren ya nuna karayar ƙasusuwan ƙwauri biyu a kashi na sama." Wannan awo daga diddige mutane da yawa ba sa yin sa, alhali ga wanda aka buge yana tafiya a ƙasa shi ne abin da za a iya gwadawa da tsayin bambar motar da ake zargi. Gwadawar aikin masu bincike ce, naka shi ne ka ba su lambar. Kuma kada ka rubuta karaya a matsayin tabbas in ba a ɗauki hoto ba. Ka ce ana zargin karaya, an nemi hoto.

Abin da ba a samu ba shi ma a rubuta shi. Mutumin da ya bugu a ka, a faɗi matakin hayyacinsa a ma'aunin Gilasgo, wanda ke tafiya daga 3 zuwa 15, tare da lokacin da aka auna: 15 cikin 15 da ƙarfe 7:45. Ƙwayoyin idonsa daidai suke, babu jini a kunne ko hanci, wuya ba ya ciwo, ƙirji da ciki lafiya. In bayan wata shida aka zo da ƙorafin ciwon baya, waɗannan layuka ne za su nuna ko an duba a ranar.

Akwai abubuwa biyu da nake roƙon abokan aiki su kiyaye. Na farko shi ne rubuta "a buge yake", wato cikin maye. Wari a baki ba shi ne maye ba, kuma bugun kai ko faɗuwar sukari kan sa mutum tangaɗi da sambatu. Ka rubuta abin da ka lura da shi, in an gwada jini ka ba da sakamakon. Na biyu shi ne ƙiyasta kwanakin taruwar jini daga launinta. Launi ba ya ba da rana. Iyakar abin da za a iya cewa shi ne in rawaya ya bayyana, raunin ba na 'yan sa'o'in nan ba ne.

Ra'ayi yana da wurinsa, a ƙarshe, a ware shi da kansa. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a karɓi ra'ayin ƙwararre, amma a cikin fanninsa. Abin da za ka iya cewa shi ne raunukan sun dace da bugun abu marar kaifi mai ƙarfi, kuma ba su saɓa wa labarin da majinyaci ya bayar ba. Ba za ka iya cewa wannan mota ce, ko wane ne mai laifi ba. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ta bambanta rauni da mummunan rauni, a cikin mummunan rauni kuma ta lissafa karaya ko gocewar ƙashi ko haƙori, da ɓata fuska na dindindin, da raunin da ya jefa rai cikin haɗari ko ya hana mutum harkokinsa na kwana 20. Shi ya sa ranar kwantarwa da ranar sallama, da haƙori ɗaya da ya karye, duk suke da nauyi. Ka ba da waɗannan, kotu ta sa su a gurbinsu.

Gaggawar yanke makoma kuskure ne ta kowane ɓangare. Wani ya rubuta "zai warke sarai" a mako na farko, wani ya rubuta "ya nakasa har abada" don tausayi. Karayar ƙwauri a babba takan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ta haɗe, wani lokaci ta ƙi haɗewa ko ta haɗe a karkace. Gaskiyar ita ce a ce ba za a iya tantance nakasa yanzu ba, a sake duba shi bayan wata shida a ba da ƙarin rahoto. In kuma 'yan'uwa suka ɗauke shi zuwa wajen mai ɗori, kamar yadda ake yawan yi a wurarenmu, a rubuta ranar, da cewa an yi masa bayanin haɗarin, da ko ya sa hannu. Idan ƙafar ta lalace daga baya, kotu za ta so ta san abin da haɗarin ya jawo da abin da ya biyo baya.

Sauran ƙanana ne amma suna kayar da takarda. In ba kai ka duba shi ba, ka faɗi cewa daga fayil ka haɗa rahoton, ka ambaci wanda ya duba. Ranar dubawa da ranar rubutawa kowacce ta fito dabam. Kada ka goge kuskure da farin fenti. Ka ja layi ɗaya, ka sa hannu da kwanan wata. Cutar da ba ta da alaƙa da haɗarin, sirrinsa ce, ba ta shiga. Sunanka cikakke da matsayinka da lambar rajistarka su fito a ƙarƙashin sa hannu, ka kuma ajiye kwafi a fayil, domin ranar da sammaci ya iso shi za ka karanta kafin ka shiga akwatin shaida.