Darasi na Tara: Idan Yaro Ya Kawo Miki Zanensa

Yaro ɗan shekara shida, wanda ya shiga aji ɗaya na firamare, yakan dawo gida da takarda a hannu. Tun daga zaure yake kira: "Mama, kin gani!" Abin da za ki ce masa a wannan ɗan lokacin shi ne darasinmu na yau. Da mata nake magana domin ku ne kuka fi yawa a ajin nan, amma maganar ta shafi uba da kaka da yaya, duk wanda yaron zai fara tarar da shi a gida.

Ku da kuka fara riƙe fensir da girmanku kun san yadda gaba ke faɗuwa in an miƙa wa malama littafi. To haka yaron yake ji, sai dai shi ba ya iya ɓoyewa.

Bari mu ɗauki takarda guda mu duba ta da kyau. Ta Auta ce, ɗan wata maƙwabciyata a Rigasa. Ranar Lahadi sun raka mahaifinsa tashar jirgin ƙasa zai tafi Abuja, ranar Litinin ya zana abin da ya gani. Ya ja dogon layi a ƙasan takardar, ya jera taragu biyar a kai, kowanne da tagoginsa. A can sama ya shafa shuɗiyar kala siririya, ita ce sararin sama. A cikin tarago na uku akwai mutum da hula, kansa ya fasa rufin jirgin saboda girma, hannuwansa a miƙe kamar tsinken tsire. A ƙasan zanen ya rubuta: jigindaba.

Yayansa ɗan aji biyar ne ya fara karantawa, ya fashe da dariya. "Wai jirgin daba! Mama, Auta ya ce jirgin 'yan daba ne!" Auta ya fizge takardar ya duƙunƙune ta. Da yamma uwar ta ɗauko ta a bayan randa, ta miƙar da ita, ta kawo mini.

Abin da Auta yake nufi shi ne "jirgin baba". Ku ƙirga tare da ni. Haruffa goma ne a cikin kalmomin biyu. Ya rubuta tara, takwas daga ciki daidai suke, kuma kowanne a gurbinsa. Ya tsallake r, ya juya b na farko ya zama d, bai bar fili tsakanin kalmomin ba. Ba wanda ya rubuta masa wannan a allo ya kwafa. Shi ya faɗi kalmar a bakinsa, ya saurari sautin, ya nemo harafin da ya dace da shi. Wannan shi ne ainihin aikin da ake so ɗan aji ɗaya ya koya, ga shi ya yi shi ba tare da an sa shi ba. Amma abin da ya ji daga bakin mutanen gidansu dariya ce kawai.

Zanen ma ba shirme ba ne. Yara masu wannan shekaru sukan zana abin da suka sani, ba abin da ido ke gani ba. Auta ya san babansa yana cikin jirgi, don haka ya nuna shi ta cikin ƙarfe. Ya yi shi ƙato domin shi ne ya fi muhimmanci a takardar. Layin da ya ja a ƙasa ya jera taragu a kai alamar ci gaba ce, domin a shekara huɗu abubuwa yawo suke yi a takarda, ba sama ba ƙasa. Saboda haka kada ki gyara zane. Kada ki karɓi fensir ki ce bari ki nuna masa yadda ake zana mutum. In kin yi haka, gobe zai miƙo miki fensirin ya ce ke ki zana masa.

Yadda za ki amsa

Ki fara ajiye abin da ke hannunki, ko na minti biyu ne, ki zauna a tabarma ku zama tsawo ɗaya. Kada ki ce "Mene ne wannan?" Tambayar tana gaya masa ba a gane abin da ya yi ba. Kada kuma ki yi saurin canka, ki kira jirgi maciji. Ki ce ya ba ki labari. Ga yadda muka shirya da maman Auta, ta kuma gwada da dare. Ku karanta bibbiyu, ɗaya ta zama uwa ɗaya ta zama yaro.

"Auta, zo ka ba ni labarin takardar nan."

"Jirgin Baba ne. Ga Baba nan."

"Na ga hularsa kuwa. Taragu nawa ka yi? Mu ƙirga."

"Biyar!"

"Masha Allah, kuma kowanne ka yi masa tagogi, ba ka manta ko ɗaya ba. Nan ƙasa me ka rubuta? Karanta mini da yatsanka."

"Jir-gin ba-ba."

"Kai kaɗai ka saurari kalmar ka rubuta? Na ji ji ɗin nan, na ji gin. Sannu da ƙoƙari, ɗan albarka."

Ku lura ba ta ce "ya yi kyau" ta wuce ba. Yaro yana gane yabon da aka yi ido na kan tukunya. Ta ambaci hula, ta ƙirga taragu, ta ga tagogi, wato ta nuna masa ta duba da gaske. Ba ta kuma ce masa "kai gwani ne" ko "kanka na ja" ba, sai ta yabi abin da ya aikata. Akwai dalili. A shekarar 1998 wasu masana biyu a Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, sun gwada yabo iri biyu a kan yara 'yan aji biyar. Waɗanda aka ce musu suna da ƙwaƙwalwa sun fi zaɓen aiki mai sauƙi bayan haka, kuma da aiki ya yi wuya sun fi saurin karaya. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu sun fi daurewa. Yaran sun girmi Auta, amma na sha ganin irin haka a 'yan aji ɗaya: wanda aka saba ce masa gwani yakan maƙale wa zana mota iri ɗaya kullum, don tsoron kada sabon abu ya ƙi yin kyau.

Na san wasu za su ce nasu ɗan fari ne, da kunya a zauna ana yabonsa, wasu kuma suna tsoron baki. Hanyar nan ba ta karya alkunya ba. Cewa "na ga taragu biyar" ba kirari ba ne, kuma tsakaninki da shi ne a ɗaki. Ki haɗa da tubarkalla. In kuma gidanku ba a son zanen mai rai, ki ce ya zana miki Keke Napep ko gadar Kawo ko bishiyar mangwaro, ba sai an tsawata masa a kan wanda ya riga ya kawo ba.

Gyara guda ɗaya tak

Rubutu, ba kamar zane ba, yana buƙatar gyara, domin wani ne zai karanta. Amma guda ɗaya a zama ɗaya, kuma bayan yabo. Lokacin da nake koyar da ƙananan aji, da jan biro nake bin littafi ina zagaye duk kuskuren da na gani, ina ganin shi ne riƙon amana. Akwai yarinyar da ta koma rubuta "ni" da "shi" kawai, kalmomin da ta tabbata ba za su sha ja ba. Na daɗe ban gane ni na jawo ba, kuma har yau abin yana damuna.

A kurakuran Auta uku, wanne za a zaɓa? Mun zaɓi b, saboda ya rubuta b na biyu daidai. Samfurin gyaran yana cikin rubutunsa, ba sai an kawo daga waje ba. Uwar ta ɗora yatsa a kan na biyun ta ce: "Dubi wannan b naka, tumbinsa na kallon gaba. Wannan na farkon fa, ina tumbinsa ya kalla?" Ya duba ya ce baya. Ba ta goge masa ba, ba ta yi rubutu a kan zanen ba. Ta kawo wata takarda ta rubuta b babba da fensir tana faɗa: "Sanda tukuna, sannan tumbi." Ya yi guda uku, ta ce ya nuna mata wanda ya fi burge shi, aka tashi. Duka zaman bai kai minti goma ba. Filin da ke tsakanin kalmomi sai wani makon, a ce ya aza yatsa bayan kowace kalma kafin ya fara ta gaba. Harafin r kuwa sai an yi wasan tafi da gaɓoɓi, jir-gi, har kunnensa ya kama shi.

Juya b da d, ko 3 da 5 da 7, ba daƙiƙanci ba ne. Tun haihuwa yaro ya saba kofi kofi ne, ko hannunsa na dama ko na hagu. Haruffa ne abu na farko da in an juya su sunansu ke canjawa, kuma yara a ko'ina sukan yi wannan har wajen shekara bakwai. Namu kuma da safe suna rubutu daga hagu a boko, da yamma daga dama a Islamiyya ko makarantar allo. In ya fara layin boko daga dama, ki sa masa ɗigo a gefen hagu ki ce daga nan ake tashi. Maganar ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ ki bar ta sai b da d sun zauna.

Za ki san gyara ya yi yawa in ya fara ɓoye littafi, ko yana goge wuri ɗaya har takarda ta huje, ko yana tambayar "daidai ne?" bayan kowane harafi. In kin ga haka, ki daina gyara na mako guda, ki tsaya ga dubawa da sauraro. Ki kuma hana yayye dariya da kiran rubutun tonon kaza. Amma in ya kai aji uku yana yawan juya haruffa kuma ba ya iya haɗa sauti da harafi, ki je ki ga malaminsa. In yana manna fuska a littafi ko yana ƙanƙance ido, a kai shi a duba idon. Muna da Cibiyar Ido ta Ƙasa a nan Kaduna.

Aikin gida

Ki karɓi takarda ɗaya ta yaro a wannan makon. A bayanta ki rubuta kwanan wata da abin da ya ce ya zana, da kalmominsa. A littafinki ki rubuta abu biyu da kika gani kika faɗa masa, da kuskure ɗaya da kika zaɓa, da dalilin da ya sa kika zaɓe shi kika bar sauran. Takardar kuma ki adana ta a leda, ko ki liƙa ta a bango inda mahaifinsa zai gani in ya shigo. Ku zo da littattafanku ranar Asabar, kowa za ta karanta nata.