Matakai in sabarka ta cinye kiredit

Jiya sabar shagonmu na Kofar Soro ta koma tafiyar hawainiya, ashe t3.micro ce ta AWS, kiredit ɗin CPU ya ƙare, ta dawo kan kashi 10 cikin ɗari na kowane vCPU. Fara buɗe CloudWatch ka duba CPUCreditBalance, in ya kwanta a sifili to shi ne. Sai ka shiga sabar ka buga `top`, in lambar st, wato lokacin CPU da aka hana sabar, ta hau, riƙe ka ake. Daga nan kashe abin da ke cinta, awa ɗaya kiredit 12 kacal ke dawowa, ko ka kunna unlimited amma fa da kuɗi. In kiredit na nan kuma tana jan ƙafa, duba BurstBalance, in shi ma ya kwanta a sifili ƙaramin diskin gp2 ne ya gaji, maida shi gp3 ba sai ka kashe sabar ba.