Darasi na Tara: Wane Firij ne Ya Fi Shan Wuta?

Tambaya: Malam, na je kasuwa na taya firij biyu, ɗaya Hisense ɗaya Thermocool. Girmansu kusan ɗaya, kuɗinsu ma haka. Kowane mai shago cewa yake nasa ba ya shan wuta. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Sunan kamfani ba zai raba wannan gardama ba. Kowane kamfani yana ƙera firij iri-iri, a ciki akwai mai tattalin wuta, akwai kuma mai ci kamar gara. Mai shago kuwa kayansa yake son sayarwa. Abin da zai raba gardama shi ne sitikar da aka manna a ƙofar firij. Nemi lambar da aka rubuta `kWh/annum` ko `kWh/year` kusa da ita. Wannan kWh ɗin shi ne yunit da kake saya ka loda a mita, lambar kuma tana faɗin yunit nawa firij zai ci a shekara guda. Mai ƙaramar lamba shi ne mai sauƙin wuta.

Tambaya: To yaya zan mayar da lambar kuɗi?

Amsa: Mu ɗauki misali. A ce firij na farko an rubuta masa 219, na biyu kuma 328, kowanne yana da lita 200. Raba 219 gida 365, wato kwanakin shekara, za ka ga na farko yana cin yunit 0.6 a rana. Na biyu yana cin kusan 0.9. A ido kamar ba komai ba. Amma cire 219 daga 328, saura 109. Idan ana sayar maka da yunit naira 200, ka ninka 109 sau 200, ya ba da naira 21,800. Abin da na biyu zai ƙara ci maka ke nan kowace shekara. Ko da mai shago ya rage maka naira 15,000 a kansa, kafin shekara ta zagayo mita ta karɓe ragin. Duba rasit ɗin wutarka ka sa ainihin farashin unguwarku a madadin 200.

Sharaɗi guda: sai litarsu ta zo kusa da juna. Ana rubuta ta da harafin `L`. Ba a gwada ƙaramin firij na ɗaki da mai ƙofa biyu.

Tambaya: Taurari da haruffan da nake gani fa?

Amsa: Sitikar SON, wato hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Nijeriya, da taurari take magana, daga ɗaya zuwa biyar, mai taurari da yawa ya fi tattali. Ta Turai kuma haruffa ne daga A mai kore zuwa G mai ja. A nan ne mutane ke ruɗewa. A watan Maris na 2021 Turawa sun sauya ma'auninsu, suka soke A+, A++ da A+++, suka tsananta sharaɗi. Don haka tsohon firij ɗan gwanjo mai A+ ba lallai ya fi sabo mai E ba. In haruffa suka rikita ka, koma kan lambar yunit.

Tambaya: A bayan firij na ga an rubuta 90W. Ba shi ne cin wutarsa ba?

Amsa: Wannan ƙarfin da yake ja ne lokacin da kwampireso, wato injin da ke sanyaya firij, ke aiki, shi kuwa kwampireso yana tashi yana hutawa. Lambar W tana da amfani wajen zaɓen janareta ko sola, ba wajen lissafin kuɗin shekara ba.

Tunda ka leƙa bayan, nemi wasu haruffa a takardar da aka rubuta 90W ɗin: `N`, `ST` ko `T`. Mai N an yi shi ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, ST zuwa 38, T zuwa 43. Wanda ya san bazarar Kano ko Sakkwato a ɗaki mai rufin kwano ya san T ne namu. Mai N zai yi ta gurnani ba hutu, ruwa bai yi sanyi ba, mita kuma tana gudu. Ko mai T ɗin ma zai iya cin fiye da abin da sitika ta ce, domin ɗakin da aka gwada shi bai kai namu zafi ba.

Aikin gida: Firij biyu ne masu lita 250. Ɗaya 240 `kWh/annum`, ɗaya 310. Yunit naira 150. Nawa ne bambancin kuɗin wutarsu a shekara? In mai 310 ya fi araha da naira 20,000, shekara nawa za a yi kafin arahar ta ƙare?