Yadda ake gane amsar da ta dace in lissafin kwadiratik ya ba ka amsa biyu

Yaran da nake wa lesin a Unguwar Rogo nan Jos duk sun haddace abu ɗaya, wai in amsa biyu ta fito ka jefar da mai mainos shikenan. To ranar da duka biyun suka fito ba mainos fa? Nan ne ido ke raina fata. Ga wanda na ba su.

Wani manomi yana da lambun kabeji, tsawo mita 20, faɗi mita 12. Yana so ya bar hanya daga ciki ta kewaye lambun, faɗinta ɗaya ta ko'ina, wurin shuka ya rage murabba'in mita 128. Faɗin hanyar nawa ne?

Da farko ka zana lambun ko da a bayan takarda ne, ka kira faɗin hanyar x. Hanyar tana cin gefe biyu, dama da hagu, shi ya sa 2x ake cirewa ba x ba, kuma nan ma da yawa suke zamewa. Sai ka samu

(20 − 2x)(12 − 2x) = 128

Tun kafin ka warware tsaya ka tambayi kanka, x zai iya kai nawa? Faɗin lambun mita 12 ne kacal, in hanya ta ci 6 nan ta ci 6 can ai ba sauran wurin dasa ko kabeji ɗaya, kenan dole x ya fi 0 kuma kar ya kai 6. Rubuta wannan a gefe.

Yanzu buɗe baka: 240 − 64x + 4x² = 128. Kwaso 128 zuwa hagu, raba komai da 4, ya zama

x² − 16x + 28 = 0

Waɗanne lambobi biyu ne in ka ninka su 28, in ka haɗa su 16? 2 da 14. Kenan (x − 2)(x − 14) = 0, x ko 2 ne ko 14.

Wata yarinya ta ce Malam ai na gwada 14 kuma ya yi. Gaskiyarta, don 20 − 28 ya ba da −8, 12 − 28 ya ba da −16, in ka ninka su mainos biyu sun cinye juna 128 ya fito cif. Lissafin bai san lambu ba ne kawai, amma wa ya taɓa ganin fili mai faɗin mita −16? Don haka mayar da amsa cikin lissafin ba zai kama ɓarawon ba, cikin labarin za ka mayar da ita. Da 2 kuwa wurin shuka ya zama mita 16 da mita 8, wato 128.

A takardar jarabawa kar ka goge 14 ɗin shiru, ka nuna duka biyun sannan ka rubuta cewa 14 ya wuce 6 don haka ba zai yiwu ba, faɗin hanya mita 2 ne.