Yadda ake gyara lissafin durashin da konbeksiti idan kuɗin ruwa ya yi tsalle

Duk mai riƙe da takardar lamuni ya san farashinta da kuɗin ruwan kasuwa ba sa tafiya hanya ɗaya, idan ruwa ya hau farashi ya sauka. Abin da yake son sani shi ne nawa zai sauka. Ma'aunin da ake fara ɗauka shi ne durashin, wanda Frederick Macaulay ya fito da shi a 1938, kuma yana aiki lafiya lau muddin motsin ruwa ƙarami ne. Ranar da ruwa ya yi tsalle da maki biyu ko uku cikin ɗari, durashin kaɗai zai ba ka amsar da ta kauce, kuma a takardar lamuni ta yau da kullum kullum gefe guda take kaucewa. Konbeksiti ne ke gyara wannan. Mu bi takarda guda ɗaya daga farko har ƙarshe.

Fara da farashin yau. Takardarmu ba ta biyan ruwa a tsakani, za a biya ka 1,000 dunƙule bayan shekara 10, kuma ruwan kasuwa yana kan 5% a shekara. Farashinta shi ne 1,000 raba da 1.05 sau goma a jere, wato 613.91. Na zaɓi irin wannan takarda ne don kowa ya iya sake lissafin da kalkuleta ya gani da idonsa.

Sai ka fitar da durashin. Durashin Macaulay shi ne matsakaicin lokacin da za ka jira kuɗinka, kuma tunda biyan sau ɗaya ne, a nan shekara 10 ne cif. Wanda ake amfani da shi wajen farashi shi ne gyararre, 10 raba da 1.05, wato 9.52. Ma'anarsa, duk maki ɗaya da ruwa ya motsa, farashi zai motsa da kusan 9.52% a kishiyar hanya.

Yanzu gwada shi. Idan ruwa ya tashi daga 5% zuwa 5.1%, durashin ya ce farashi zai faɗi da 0.95%, kuma ainihin faɗuwar ma 0.95% ce, ba abin cewa. To bari ruwa ya kai 7%. Durashin ya ce faɗuwar 19.05%, farashi ya koma 496.98. Ka sake lissafin da kanka da 1.07, za ka samu 508.35. An zuzuta asarar da fiye da 11. Juya ta ɗaya gefen, ruwa ya sauka zuwa 3%: durashin ya ce 730.85, gaskiya kuwa 744.09 ce. A nan an rage maka ribar da fiye da 13.

A wannan gaɓar ya kamata a tsaya, don nan dalilin yake. A hawa da sauka duka, ainihin farashi ya fi abin da durashin ya faɗa. Idan ka zana farashi da ruwa a jadawali, layin da zai fito lanƙwasasshe ne kamar baka, tsakiyarsa ta lotsa ƙasa. Durashin kuma miƙaƙƙiyar sanda ce da aka jingina a jikin bakan a wuri guda, daidai kan 5%. Kusa da inda suka taɓa juna ba ka bambanta su. Kana yin nisa, bakan yana ɗagewa sama ya bar sandar a ƙasa, ko dama ka yi ko hagu.

Da lambobi abin ya fi fitowa. A kan 5%, maki ɗaya na ruwa yana taɓa farashi da kusan 58.5. A kan 7% ya ragu zuwa 47.5, a kan 3% kuma ya kai 72.2. Wato yayin da farashi ke faɗuwa, saurin faɗuwar yana raguwa, yayin da yake hawa kuma saurin yana ƙaruwa. Durashin ya ɗauka 58.5 ɗin nan tana nan daram duk tsawon tafiyar. Konbeksiti yana auna yadda ita kanta gangarar ke sauyawa.

Mataki na gaba shi ne fitar da shi. A takardar da ba ta biyan ruwa a tsakani, ka ninka shekarun da shekarun da aka ƙara wa ɗaya, 10 sau 11, ka raba da 1.05 sau biyu, ka samu 99.8. Ga sauran takardu, hanyar da na fi so ita ce a girgiza kuɗin ruwa sama da ƙasa da adadi ɗaya, a ga farashin da ya fito:

```
C = (P₋ + P₊ − 2 × P₀) / (P₀ × Δy²)
```

C shi ne konbeksiti, P₀ farashin yau ne, P₋ farashi idan ruwa ya sauka, P₊ idan ya hau, Δy kuma girman motsin ruwan, maki ɗaya 0.01 ke nan. A misalinmu, 4% ya ba da 675.56, 6% ya ba da 558.39, amsar ta fito kusan 99.9, dab da ta farko.

Sannan ka haɗa su biyun, D gyararren durashin ne, ΔP/P kuma kason da farashi zai motsa:

```
ΔP/P ≈ −D × Δy + ½ × C × Δy²
```

Motsin maki biyu 0.02 ne. Ninka shi da kansa, 0.0004. Rabin 99.8 sau 0.0004 ya ba da kusan 2.00%. Idan ruwa ya hau zuwa 7%, ka rage 2.00 daga asarar 19.05, ta zama 17.05%, farashi 509.23, alhali gaskiya 508.35 ce. Idan ya sauka zuwa 3%, ka ƙara 2.00 a kan ribar, farashi ya zama 743.10 a gefen 744.09 na gaskiya. Kuskuren 11 da 13 ya dawo ƙasa da 1. Ɗan guntun da ya saura ya nuna ita ma lanƙwasar tana sauyawa, kuma zai girma idan tsallen ya fi haka.

Lura da wannan ninkin motsi da kansa, shi ya sa konbeksiti sai a babban motsi yake magana. Motsin maki 0.1, wato 0.001, ya ba da gyaran 0.005%, wanda ba wanda zai damu da shi. Motsin maki ɗaya ya ba da 0.5%, maki biyu 2%. Ka ninka motsin sau biyu, gyaran ya ninka sau huɗu. Kuma tunda ninkin lamba da kanta ba ya fitowa da alamar ragi, gyaran ƙari ne ko ruwa ya hau ko ya sauka.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne wajen shigar da lambobi. Wani ya rubuta 2 a maimakon 0.02, amsa ta fito shirgegiya. Wani ya manta da rabin. Akwai kuma masu wallafa bayanai da ke raba konbeksiti da 100, ka ga 0.998 a maimakon 99.8, wasu sun riga sun raba shi biyu. Kafin ka yarda da lambar da aka ba ka, gwada ta a motsin maki ɗaya, ka kwatanta da farashin da ka lissafa kai tsaye.

Kada kuma ka ɗauka kowace takarda lanƙwasarta tana gefenka. Wadda mai bayarwa ke da ikon fansa kafin wa'adi, da takardun da aka gina a kan bashin gidaje, suna iya samun konbeksiti mai alamar ragi idan ruwa ya sauka, saboda masu bashin za su biya da wuri su karɓi sabo mai rahusa, farashi ya kasa wuce kusa da kuɗin fansa. A nan gyaran ragi ne, kuma dole ka yi amfani da hanyar girgizawa, da farashin da ya yi la'akari da biyan wurin. Idan tarin takardu kake aunawa, ka tuna lissafin ya ɗauka ruwan gajeren zango da na dogon zango sun motsa daidai wa daida. Idan na shekara 2 ya hau da maki biyu, na shekara 10 ya hau da rabin maki, sai ka lissafa kowace takarda da motsin zangonta.